Masu Zuwa a Cire Musu Makulli

Ƙanena yana da shagon kwamfuta a Dogo Nini, kuma duk ranar da ya tafi Damaturu sayen tawada ni ake bar wa kujera. Aikin da ya fi yawa bayan hoton fasfo shi ne cire kalmar sirri daga PDF. Banki ya turo wa mutum sitatimen a kulle, shafin da zai ɗora shi kuma ya ce ba ya karɓar kullallen fayil. Aikin minti ɗaya ne: a buɗe a Chrome, a sa kalmar, a danna Ctrl+P, a zaɓi Save as PDF. Masu fayil ɗin ne ke mayar da shi na awa guda.

Akwai mai sauya suna. Ya goge sunan fayil ya rubuta "buɗaɗɗe", yana mamakin har yanzu ana tambayarsa kalma. Akwai mai hoto, wanda ya buɗe shafi goma sha huɗu a wayarsa ya ɗauki hoton kowanne, na bakwai har da saƙon budurwarsa da ya leƙo a sama, yana so a haɗa masa su. Akwai ɗalibin Kwalejin Ilimi da ya rantse ya cire tun jiya, ga shi ma yana buɗuwa. A wayarsa yake buɗuwa, don manhajar ba ta rufe fayil ɗin ba tun da ya sa kalmar. Tura shi wata waya, makulli na nan daram.

Amma gwanina shi ne Alhaji, dillali a kasuwar shanu. Ranar Alhamis yake zuwa, bayan ya sha hada-hadar Laraba, da yaro a bayansa riƙe da waya biyu. Zama yake yi tukuna, a gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya yi wa farashin dusa Allah-wadai, sannan ya rage murya ya ce, "Malam, takardar banki ce, an ce sai an cire mata lamba."

"To, Alhaji, ranka ya daɗe, mece ce lambar?"

Sai ya dube ni kamar na tambaye shi yawan shanunsa a gaban mai karɓar haraji. Lambar ba ta faɗuwa. Shi zai buga da hannunsa. A nan ake fara kora: yaronsa ya fita, mai jiran hoton fasfo ya fita, ni kuma in juya in fuskanci bango. Alhaji ya tattare hannun babbar riga ya rufe madannai da ita, ya soma farautar haruffa da yatsa ɗaya. Ina jin ƙas, shiru, ƙas, shiru, sai "A'a! Ta ƙi."

Dole ta ƙi. Lambar katin cirar kuɗi ya buga, don a wurin Alhaji lambar sirri ɗaya ce a duniya. Na yi masa bayani, har yanzu fuskata na bango, cewa bankin ne ya zaɓi wannan kalmar, kuma a cikin imel ɗin da ya kawo takardar ya faɗi yadda ake haɗa ta: wani bankin wasu lambobi daga lambar asusu yake so, wani ranar haihuwa, wani haruffan suna. Aka kira yaro ya karanto imel ɗin, aka sake korarsa. Alhaji ya buga, ta sake ƙi, domin hannun riga ya danne Caps Lock, PDF kuwa ba ya ɗaukar babban baƙi a matsayin ƙarami. Na ce ya duba ko ƙaramar fitila na ci a gefe. Ya ce tana ci, ai ya ɗauka alamar albarka ce.

Da ta buɗe aka ba ni izinin juyowa. Na adana sabon fayil da sabon suna, na rufe Chrome gaba ɗaya, na buɗe sabon a gabansa, bai tambayi komai ba. Na danna Ctrl+F na nemi sunansa, ya fito, alamar rubutun yana nan a rubutu bai koma hoto ba. Na ƙirga shafuka, sun yi daidai da na asali. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce a buga masa kwafi uku. Ɗaya ya naɗe ya sa a aljihu, ɗaya ya ba yaro, na ukun kuwa da yamma na gan shi a teburin mai shayi, an ɗora masa kofi.

Hajiya mai atamfa ba ta da wannan dogon zance. Daga bakin ƙofa take faɗin kalmar da ƙarfi, har da maimaici, don kada ɗan nan ya wahala.

Sai mai gardama, wanda ya ga alamar firinta ta dushe ta ƙi dannuwa, ya ce kwamfutarmu ce tsohuwa. Ba ita ba ce. PDF na iya ɗaukar kalma biyu, ta buɗewa da ta mai fayil, kuma ta biyun ita ke hana bugawa ko kwafa. Idan an hana bugawa, hanyar Ctrl+P ta toshe. Adobe Reader na kyauta ma ba ya cire makulli, sai Acrobat Pro na kuɗi, shi ma in akwai kalmar mai fayil sai ya nema. Ɗan'uwan mai gardama shi ne wanda takardarsa ke ɗauke da sa hannun lantarki, aka ce masa in an sake adana ta sa hannun zai mutu, ya ce a yi kawai. Washegari ya dawo daga ofis da fushi.

Akwai kuma wani malami mai gilashi da ke tsare shago idan ƙanensa ya yi tafiya. Shi bai yarda da Ctrl+P ba, wai yana zubar da jerin babi da guraben cikewa. Sai ya buɗe baƙin allo ya rubuta:

```
qpdf --password=KALMA --decrypt kulle.pdf bude.pdf
```

Gaskiyarsa, wannan yana cire makullin ya bar shafukan yadda suke. Sai dai kafin ya danna Enter sai ya ba da tarihin yadda Adobe ta fito da PDF a 1993, direban tirela na tsaye yana duba agogo, motarsa na ci a bakin titi.

Wanda ya manta kalmar gaba ɗaya yakan ce, "Ai ku masana ne, ku fasa." Ba mu iya ba. Sabbin fayiloli da AES ake kulle su, abin da ke ciki a hargitse yake har sai kalmar ta warware shi. Ya koma imel ko ya nemi banki ya sake turowa. Wanda ya kawo sitatimen na matarsa a fasa masa kuwa, ko ruwa ba ma ba shi.

Duk waɗannan ina iya zama da su. Wanda ke ɓata min rai shi ne yaron shago irin wanda na taɓa gani a wani shagon da ba zan ambata ba. Dattijuwa 'yar fansho ta miƙa masa waya ta ce, "Ɗana, taimake ni." Bai tambaye ta ba, ya ɗora takardar a shafin intanet na farko da ya fito masa, ya rubuta musu kalmar, wadda ranar haihuwarta ce. Wato sunanta, lambar asusunta, adireshinta da kowace naira da ta shiga mata cikin wata shida sun tafi kwamfutar wasu a wata ƙasa, don aikin da Chrome ɗin da ke gabansa zai yi ko babu data. Ya karɓi kuɗinta, ta yi masa addu'a ta tafi. Na leƙa Downloads na kwamfutar, na ga buɗaɗɗun takardun mutane jere, na malaman firamare, na ma'aikatan asibiti, kowanne da sunan mai shi, kuma duk wanda ya biya kuɗin rabin awa zai zauna a kujerar nan. Na ce ya goge, ya share Recycle Bin. Ya ce ai ajiyewa yake don in sun dawo kada su sha wahala, ya ɗaga kai ya kira na gaba a layi.