Katin da muke cusawa ƙarƙashin katifa

Mu dai a unguwarmu nan Kontagora, in an ba mace katin alamomin hawan jini a wurin awo, a leda take naɗe shi ta cusa ƙarƙashin katifa, sai ranar komawa a zaro shi. Alhali saboda kwanakin da ke tsakanin awo da awo aka yi shi.

"To me ke ciki da ba mu sani ba?" in ji Gwaggo, ranar da muke hirar katin. "Kumburi ai na kowace mai ciki ne. Mu cewa muke tagwaye ne."

"Na ƙafa da yamma, wanda kan saɓe in an kwanta, wannan da sauƙi, Gwaggo," in ji Yaya, wadda ta daɗe tana aikin unguwarzoma. "Wanda katin ke nufi shi ne na fuska da hannu, mace ta tashi da safe ido a kumbure, zobe ya ƙi fita."

Sai ta kawo labarin wata mai cikin fari, wata bakwai. Ciwon kai ya kama ta, ta sha farasitamol bai sake ta ba, ta soma gani dishi-dishi, ga zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da aka ɗauka gyambon ciki ne. Kunyar cikin fari ta hana ta faɗa wa kowa, sai ƙanwarta ce ta karanta katin ta tada maigidan da daren. A Babban Asibitin Kontagora aka auna jini, 160 bisa 110, aka kuma ga furotin a fitsari. Nan take aka yi mata allurar maganiziyam salfet mai tare jijjiga, aka ba ta maganin saukar da jini, aka riƙe ta a gado.

Yaya ta ce daga 140 bisa 90 ma an shiga hawan jini, kuma bayan mako 20 ya fi bayyana. Wata ba ta jin komai sai an ɗaura mata abin awo. Amma in ɗaya daga alamomin nan ta fito, ko numfashi ya yi wuya, ko ɗa ya rage motsi, ranar ake tafiya, ko tsakar dare ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne in jijjiga ta zo mu ce iska ce, a kawo hayaƙi, a cusa cokali a baki. Abin da ya kamata shi ne a kwantar da mai cikin ta gefen hagu, kada a sa mata komai a baki, a nemi mota. Addu'a a yi ta a hanya.

"In an haihu ai shi ke nan ko?" in ji Gwaggo.

"A'a, Gwaggo. Har zuwa arba'in yana iya tasowa. Mai jego ta ce kanta na sarawa, a kai ta a auna."