Kaya Na Hanya

A Kantin Kwari babu maganar da ta sha wahala irin "kaya na hanya". Na yi shekaru ina yaron shago kafin in samu nawa teburin, kuma na ji an faɗe ta game da kayan da ke tsakiyar teku, na ji an faɗe ta game da kayan da ke jibge a Apapa, har na ji an faɗe ta game da atamfar da ko audugarta ba a kaɗa ba. Jinkirin kaya dai ba abin kunya ba ne ga wanda ke sayayya daga Guangzhou. Jirgin ruwa kaɗai yakan ci wajen kwana arba'in kafin ya iso Legas, sannan ga fitar da kaya daga tasha, ga tafiyar fiye da kilomita dubu zuwa Kano a kan tirela. Inda ake gane halin ɗan kasuwa shi ne ranar da ya tabbata kaya ba za su zo a lokacin da ya yi alkawari ba, ga kuma waya a hannunsa.

A cikin irin waɗannan 'yan kasuwa, Malam Yana-Hanya shi ne babban yayansu. Shi a ganinsa bai taɓa yin ƙarya ba, domin duk abin da bai iso ba ai a hanya yake. Ka ce masa, "Alhaji, wace hanyar?" sai ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai sun taso." Daga ina suka taso, yaushe, a cikin me, wannan kuma sai ka yi istihara. Maganinsa ɗaya ne, ka nemi lambar kwantena. Kowace kwantena tana da lamba a jikinta, haruffa huɗu da alƙaluma bakwai, kuma duk yaron da ke da waya zai iya duba inda take a shafin kamfanin jirgin. In ya ba ka nan take, to da gaske kaya sun taso. In ya ce bari ya tambayi yaronsa na China, ka koma gida ka ci tuwonka.

Ƙaninsa shi ne Na-Jibi. Wannan ya san sarai saura mako uku, amma ba ya iya haɗiye mako uku a loma ɗaya, sai ya gutsuttsura maka shi kwana bibbiyu. Litinin ya ce Laraba, Laraba ya ce ai Juma'a ba fashi, Juma'a ya ce ka san direbobi da sallar Juma'a. Shi yana jin tausaya maka yake yi. Alhali da ya ce mako uku tun farko, fushi ɗaya za ka yi ka huce. Yanzu kuwa ya sa ka yi fushi sau goma, ka biya ɗan dako sau biyu ya zo ya koma da kurarsa wayam, kai ma ka koma Na-Jibi a wajen masu jiranka. Abin da ke ba ni haushi da shi ke nan, cutarsa yaɗuwa take yi. Daga shago ɗaya a Kwari sai ta kama dillali a Gusau, ta kama tela, ta kama uwar amarya.

Akwai Mai Sabis, wanda wayarsa ke da wani ciwo na musamman, ba ta ɗaukewa sai in kai ne ka kira. Ka ari wayar maƙwabci ka gwada, bugu ɗaya zai ɗauka da sallama mai daɗi. Da ya ji muryarka sai iska ta taso: "Halo? Halo? Ba na jin ka sosai." Ba sai na daɗe a kansa ba, kowa yana da nasa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Masanin Duniya. Shi ba ya rasa dalili, kuma dalilinsa kullum daga labaran rediyon safe yake fitowa. A watan Maris na 2021, lokacin da jirgin nan Ever Given ya tokare mashigin Suez na kwana shida, Masanin Duniya ya samu abincin shekara guda. Har bayan Babbar Sallah yana cewa, "Ai ka ji abin da ya faru a Masar." Ba ruwansa da cewa yawancin jiragen da ke zuwa Legas kai tsaye daga China ta ƙasan Afirka ta Kudu suke zagayowa, ba su da harka da Suez. Na taɓa jin wani ya ɗora wa mashigin nan laifin jinkirin buhunan citta daga Kachiya. In duniya ta yi lafiya babu labari, sai ya koma kan kwastam, waɗanda ke ɗaukar laifin da suka yi da wanda ba su ma san an yi ba. Sau da yawa kwantena tana zaune a tasha ne saboda mai ita bai biya kuɗin fito ba, ko takardun da ya bayar sun saɓa da abin da ke ciki, kuɗin ajiya na hauhawa kullum, shi kuwa yana nan yana girgiza kai yana cewa ƙasar nan sai addu'a. Yadda za ka gane shi, dalilinsa babba ne ƙwarai, ya isa a yi sharhi a kai a majalisa, amma ba ya haifar da rana. Dalilin gaskiya yakan zo da lissafinsa: kaza ya faru, saboda haka an ƙara kwana kaza.

Kusa da shi akwai Mai Ta'aziyya, wanda direbansa ya rasa uwa sau uku a damina ɗaya. Ba ka da bakin yin faɗa, sai ma kai ne za ka ce Allah ya jiƙanta. Sai kuma Malam In-Allah-Ya-Yarda. Kowa ya san babu abin da ke faruwa sai da yardar Allah, kuma mu duka muna faɗa. Amma mutane suna cewa "ranar goma ga wata, in Allah ya yarda", shi kuwa ya cire goma ga watan ya bar maka sauran. Ka matsa, ya dube ka kamar wanda imaninsa ya yi rauni.

Kada a ce duk maƙaryata na lissafo. Akwai Mai Gaskiyar Tsiya, wanda ba ya ɓoye komai kuma ba ya amfanar kowa. Zai aiko maka saƙon murya na minti tara. Za ka ji yadda kwantenar ta haɗaka ce, mutum bakwai suka zuba kaya a ciki, ɗaya daga cikinsu ya cusa abin da ba a rubuta a takarda ba, aka tsare ta gaba ɗaya don a zazzage a duba. Duk gaskiya ne, haka haɗaka take, laifin mutum ɗaya yakan riƙe kayan kowa. Za ka ji sunan ejan ɗinsa, da ciwon bayan ejan ɗin. Saƙo ya ƙare, ka san komai ban da abu ɗaya da ka kira dominsa.

Na ƙarshe ba shi da laƙabi, saboda ba su da yawan da za a raɗa masu suna. Ni mutum ɗaya na yi wa aiki a cikinsu, tsohon maigidana. Wata shekara wata Hajiya daga Gusau ta ba shi odar atamfar anko, turmi 200, zane ɗaya, na bikin 'yarta da aka sa 27 ga Disamba. Ya yi mata alkawarin 20 ga Nuwamba. Sai ya makara wajen tura cikon kuɗi, kayan suka rasa jirgin da ya yi niyya, ga hutun mako guda da ake yi a China daga 1 ga Oktoba ya shigo tsakani. Ba su hau jirgi ba sai 12 ga Oktoba.

Washegari, tun saura fiye da mako biyar ranar alkawari ta cika, ya ce in kawo kalanda. Ya ɗora yatsa yana ƙirge: kwana arba'in a ruwa, 21 ga Nuwamba ke nan. Mako biyu na fitarwa daga tasha, 5 ga Disamba. Kwana biyar na lodi da hanya zuwa Kano, 10 ga wata. Kwana biyu a sauke a ware a sa a motar Gusau, 12. Sannan ya ƙara kwana uku. Na ce, "Alhaji, waɗannan ukun na mene ne?" Ya ce, "Na tayar da ba ta fashe ba tukuna." Ya ɗauki waya da kansa, bai ce in kira ba.

Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, kayanki ba za su zo ranar 20 ga Nuwamba ba. Laifina ne, na makara wajen biyan ciko, suka rasa jirgi. Jiya suka hau wani, zan turo miki lambar kwantenar ki ba yara su duba. Ranar 15 ga Disamba za su iso hannunki, in Allah ya yarda. Kwana goma sha biyu zai rage wa teloli. In bai ishe ki ba, ina da wani zanen a ƙasa, turmi tamanin, ko in mayar miki da kuɗinki a makon nan. Duk Asabar zan kira in faɗa miki inda suke." Ko minti biyu bai yi ba. Ya bar mata wayar ta yi faɗanta, ya saurara har ta gaji, bai ce mata ai ba shi kaɗai ba ne, bai ambaci Masar ba.

Amfanin kiran da wuri shi ne ta samu abin yi da labarin. Ta karɓi turmi tamanin ɗin aka yi wa dangin ango da su, ta kama teloli uku tun a Oktoba ta ba su kafin alƙalami da awon mutane, suka ware mata mako biyun ƙarshe. Da a ranar 19 ga Nuwamba ya kira, da babu telan da zai saurare ta, kowa ya cika da ɗinkin bukukuwan ƙarshen shekara.

Sai dai Hajiya ta saba da su Na-Jibi, gaskiya tsirara haka ta tsorata ta. Kwana biyu bayan wayar sai ga ɗanta a Kwari, wai ya zo gaishe da Alhaji, yana ta leƙen kantoci yana ƙirga diloli da ido. Daga baya ya faɗa mini uwarsa ce ta turo shi ya duba ko shagon na nan, domin a saninta ɗan kasuwa ba ya cewa "laifina ne" sai in ya karye ko yana jinya.

Kaya suka isa Gusau ranar 13 ga Disamba. Da yamma ta kira, muryarta har waje ana ji: "Alhaji, kai da ka ce 15? Ga mota a ƙofar gida, ɗakin da zan zuba su ko shara ba a yi ba."