Masu Neman Aiki ta Imel, Iri-Iri

Shekara huɗu na yi ina tantance takardun masu neman aiki a wani kamfani a Kano. Tun kafin na buɗe sibi, wato takardar tarihin karatu da aikin mutum, nakan gane halin mai ita daga ɗan saƙon da ya rako ta.

Wanda ya fi yawa shi ne Shiga-ba-sallama. Gurbin take ya bar shi fayau, cikin saƙon ma ko harafi babu, sai fayil guda mai suna `Document1.docx`. Abin da bai sani ba, ranar da muka tallata gurabe uku, ba ɗaya bayan ɗaya nake bin saƙonni ba. Sunan gurbin nake rubutawa a wurin bincike, waɗanda suka ambace shi su fito. Shi kuwa yana can ƙasa, tsakanin tallan bashi da gayyatar ɗaurin aure.

Kishiyarsa Malam Gaisau. Wannan tarbiyya ce ta yi masa yawa. Ya tambayi lafiyata, da iyali, da sanyi, da gajiyar jiya. Ya yi wa shugaban kamfani addu'a har jikoki. Sai a sakin layi na huɗu yake gaya mini yana neman "ko wane irin aiki". Ina son Gaisau, don da a zaure muka haɗu sai na sa an kawo masa fura. Amma ba mu da gurbi mai suna ko-wane-iri, kuma ba ni zan zaɓa masa ba.

Sai Mantau, wanda saƙonsa ya yi kyau, ya ce ga takarda nan a maƙale, alhali babu komai. Bayan minti biyu wani saƙon ya iso da ban haƙuri, shi ma hannu rabbana. Gmail kan yi tuni idan ka ambaci maƙalawa da Turanci ba ka maƙala ba, yana kuma ba da damar janye saƙo, daga daƙiƙa 5 har 30 idan ka saita. Mantau duk ya tsallake waɗannan. Maganinsa ɗaya: ya fara maƙala fayil, adireshi ya zo a ƙarshe.

Mai Hoto kuwa a kan tabarma ya shimfiɗa takardarsa ya ɗauka da waya, ga babban yatsansa a gefe. Ya haɗo da shaidar firamare, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma da ta bautar ƙasa, hoto goma sha biyu, har ya doshi iyakar megabait 25 da Gmail ya sa. Ba a iya kwafar lambar waya daga hoto cikin sauƙi, kuma ba wanda ya tambaye shi shaidu tukuna.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Mai Watsa Gero. Saƙo ɗaya ya tura wa kamfani arba'in, duk adireshinsu a jere cikin `Cc`, kowa na ganin kowa, yana rantsuwa cewa tun yana yaro burinsa ya yi aiki "a wannan ma'aikata mai albarka". Wacce daga ciki? Kamar saurayi ne ya tara 'yan matan unguwa ya karanta musu wasiƙa ɗaya. Ƙanensa shi ne mai adireshin da ya buɗe tun yana sakandare, da laƙabin soyayya da lambobi a wutsiya, yana neman muƙamin akanta.

Rannan, bayan la'asar, ido ya gaji, sai ga wata baiwar Allah. Takenta ya ƙunshi abu uku: sunan gurbin kamar yadda muka rubuta a talla, lambar gurbin, da sunanta. Ta yi gaisuwa layi ɗaya. Ta ce tana neman gurbin akanta da ta gani a tallarmu. Ta yi shekara uku tana riƙe da lissafin wani shagon sari. Ga sibinta a maƙale. Ta gode, ta sa cikakken suna da lambar waya. Fayil ɗin PDF ne, shafi biyu, da sunanta a jikinsa, don haka ya buɗe a wayata ba tare da layuka sun wargaje ba. Ban kai rabin minti ba na tura wa manaja.

Ina rufe kwamfuta sai ga Mantau a karo na uku. Wannan karon ya maƙala, amma rasit ɗin kuɗin wuta ne.