Lambar da Ta Yi Ƙaura

A gwajin taitireshan, wato ɗiga sinadarin NaOH daga bututu mai ma'auni cikin asid har launin haɗin ya juya, abin nema shi ne tazarar da ke tsakanin lambar farawa da ta tsayawa. Wata ɗalibar kimiyyar sinadarai, wadda ta ɗauki rubutu aikin masu mantuwa, ta yi ɗigon har haɗin ya koma ruwan hoda, ta karanta mililita 24.6, sannan ta laluba kanta tana neman lambar farawa ta tarar ta yi ƙaura. Lambobi uku suka fito takara, kowace da nata ƙarfin asid ɗin, malaminta kuwa ya ƙi shiga zaɓen. Littafinta na yanzu, har atishawar maƙwabciyarta yana ɗauke da ita, da lokacin aukuwarta.