Masu Cewa "Lafiya Lau" a Biro

A Kelle, can arewa da Gure a gindin duwatsun Kutus, ana ƙirga ma'aikatan biro da yatsu, ayyukansu kuwa sai da buhu. Mutum guda shi ne mai rubuta takardar haihuwa, shi ne mai buga hatimi, shi ne kuma wanda ake aika wa saƙo daga Damagaram da dare a ce ana son rahoto kafin safiya. Ka tambayi kowane cikinsu ina gajiya, zai ce ba gajiya. Wanda yake son ya gane aiki ya fara cin mutum sai ya bar amsar gaisuwa ya dubi hali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa abin bayani a 2019. Ta ce ba cuta ba ce, matsala ce da ke fitowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, kuma alamunta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, abin da ake iya yi ya ragu. Amma ba sa zuwa da kalangu. Kowace da rigar da take sawa.

Mu fara da Sarkin Ba-Komai, don shi ne ya fi ruɗar da mutane. Yana rigan mai gadi zuwa, kuma shi ke rufe ƙofa. A miƙa masa aikin wanda ya tafi jinya, ya ce ba komai. A ƙara masa na wanda aka yi wa canji tun bara ba a kawo madadinsa ba, ya ce ba komai. Takardar hutunsa tana cikin aljihun tebur har gara ta fara karanta ta. Shugaba yana yabonsa a taro, alhali kuwa ya fi kowa kusa da rami. Herbert Freudenberger, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi rubutu kan lamarin a 1974, ya lura da shi ne a jikin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York, kuma waɗanda suka fi kowa himma su ne suka fi kamuwa. Malalaci ba shi da wannan fargaba. Yadda za ka gane Ba-Komai ya fara tsagewa shi ne sa'o'insa na ƙaruwa, tulin takardunsa kuwa bai ragu ba. Ya daina zuwa suna, ya daina zama majalisa bayan isha'i, abincin rana ya koma soyayyar gyaɗa a tsaye.

Kusa da shi akwai Na-Gindin-Buta. Shan shayi ba laifi ba ne, kowa ya san na ɗaya da na biyu da na uku. Shi dai wannan a da yana kurɓa ya koma tebur, yanzu kuwa sai ya sake hura gawayi. Ya goge tebur, ya jera biro-biro bisa tsawonsu, ya gyara labule, komai zai yi ban da buɗe fayil ɗin da ke gabansa. Ana ce masa rago. In ragon ne tun asali, a bar shi da halinsa. In kuwa bara ba haka yake ba, to tsoron aikin ne ya shige shi, kuma shayin la'asar ɗin nan shi ke hana shi barcin da zai ba shi ƙarfin gobe.

Sai Malam A-Dawo-Gobe. Wannan mutum ne da a da in tsoho ya shigo sai ya miƙe, ya tambayi gida da dabbobi da ruwa, da Hausa ko da Barbarci. Yanzu gaisuwarsa ta koma "to, mene ne?" Mutane ma sun daina zama mutane a bakinsa. "Haihuwa biyu da mutuwa ɗaya suna jira a waje," in ji shi, mutuwar kuwa tana zaune a benci tana jinsa. A kawo sabon tsari, ya yi dariya ta hanci ya ce an yi wanda ya fi wannan. Ita ce alama ta biyu, fitar zuciya, kuma an fi yi mata mummunar fassara, a ce girman kai ne ya kama shi. Mai girman kai yana jin daɗin abinsa. Wannan in ya koma gida kunyar tsohon nan ce take damunsa.

Mai Zazzaɓin Lahadi ba ya buƙatar dogon bayani. Asabar garau yake, Lahadi da la'asar kai ya fara sarawa, wuya ya ƙage, ya farka ƙarfe uku na dare yana lissafin rahoto. Aljihunsa ba ya rabuwa da farasitamol.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Hajiya Sake-Dubawa. A ce mai rajista ce da ke cika takarda 30 kafin azahar ba tare da gogewa ba. Lokacin buɗe lakkol ya zo a watan Oktoba, iyaye suka yi layi, wata rana ta rubuta sunan uwa a gurbin uba. Kuskure a rajistar haihuwa ba a goge shi da yawu, sau da yawa sai mai takarda ya biya kuɗin mota zuwa kotu a Gure. Tun daga ranar take karanta kowace takarda sau uku, 30 ta koma 12, layi ya ƙara tsawo, ta fara kai rajista gida. Barci ya ragu, kuskure ya ƙaru, dubawa ta koma sau biyar. Ta tsaya da hatimi a hannu tana neman hatimi. Abin dariya ne sai ka ji ta ce, "Ni fa na daina iya aikin nan." Ba iyawar ce ta tafi ba, hankalin da bai huta ba ne ya kasa riƙe layi biyu.

Duk waɗannan da ma'auni ɗaya ake auna su. Gajiyar yau da kullum, ko ta zafin Afrilu, kwana biyu na hutu suna wanke ta. In mutum ya huta Asabar da Lahadi ya wayi gari Litinin kamar bai kwanta ba, mako bayan mako, an wuce gajiya. In kuma abin ya bi shi ko'ina, abinci ba daɗi, 'ya'ya ba sa sa shi dariya, yana ganin rayuwa ba amfani, wannan ya fi kama da ciwon damuwa, likita yake buƙata yau. Kafin ma a ɗora wa biro laifi, a leƙa ɗakin shan magani a auna zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da sukari da ƙarancin jini, don su ma suna sa kasala.

Saura guda, Shugaba Sai-Haƙuri. Christina Maslach, wadda ta fitar da ma'aunin wannan matsala a 1981, ta nuna cewa tushen yana wurin aikin: nauyi ya yi yawa, ba ka da ta cewa, ba lada ba godiya, ba adalci a rabo. Ma'aikaci ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, aikin mutum uku nake yi." Maimakon a ce wane rahoto ne zai jira, ko wa zai karɓi layi ranar kasuwa, ko a sa hannu a takardar hutun nan, sai Shugaba ya dafa kafaɗarsa ya ce kowa haƙuri yake yi. Sa'annan ya buɗe aljihun tebur ya haɗiyi farasitamol biyu, ya tambaya ko an ga tabaransa, wanda ke bisa goshinsa.