Tumatirin da Ya Faɗo a 'Yankaba

Mu nan layinmu, ba hoton da ke shigowa gida ya fita ba mu tatsi labari daga cikinsa ba. Na kwanan nan hoton kasuwar 'Yankaba ta Kano ne, an ɗauke shi bayan sallar asuba: mota na sauke kwandunan tumatir, 'yan dako da gammo a ka, tukunyar mai shayi na tururi.

"Ni fa ba na fara ba da labari," in ji Goggo, "sai na tambayi yara me suka gani. Wani ya ce fitilar mai shayi na kunne, to gari bai gama wayewa ba. Wata ta ce kowa da rigar sanyi, to hunturu ne, lokacin tumatirin noman rani. Kin ga sun samo lokacin labari da kansu."

Amaryar gidan Malam ta ce, "To Goggo, mutum ya fi ɗari a hoton nan, wa za a bi?"

"Abu ɗaya tak, 'yar nan. In kika ce sai kin lissafa dillali da mai albasa da mai attaruhu, za ki ga yara sun fara tsokanar juna, labari ya mutu ke nan. Duba gefen tayar kurar can. Ga tumatiri ɗaya ya faɗo."

Shi muka bi kuwa. Aka ce ga ta nan, ga ta nanku, yara suka amsa. A gonakin Kadawa aka tsinko shi, ya kwana a mota yana jin sanyi, da isowa kasuwa ya gangaro daga kwando. Sai masifa uku, don mun saba da uku: tayar kura ta kusa murƙushe shi, akuya ta shinshino shi, takalmin ɗan dako ya wuce ta kansa. A kowace Goggo takan tsaya ta ce, "Sai me ya faru?" Ba ta ci gaba sai wani ya nuna da yatsa.

Mai ceto ma daga cikin hoton muke ɗaukowa. Akwai yarinya riƙe da hannun babanta. Ita ta tsince shi ta miƙa wa mai kaya, shi kuma ya ƙara mata biyu, ya ce gyara ce.

Inna ta so a sako Gizo. Goggo ta ce a'a, da zarar Gizo ya shigo, ba yaron da zai sake kallon hoton. Wa'azi ma ba ma tsawaitawa a ƙarshe. Mukan tambayi yara dalilin da ya sa yarinyar ba ta ɓoye tumatirin ba, mu bar su su yi ta musu har a kira sallar isha'i.