Yadda mai markaɗe ke ƙara kuɗi a Ruwan Godiya

Mu nan Ruwan Godiya, in kana son ka san ko mai sana'a ya iya zama da mutane, ka dube shi ranar da zai ƙara kuɗi. Mai shago nasa da sauƙi, tunda da babba yake magana ido da ido. Mai injin markaɗe shi ne a tsaka mai wuya, domin masu kawo masa ciniki suna cikin gida, ba su fitowa. Yarinya ce za ta zo da bokitin jiƙaƙƙen wake a ka, naira hamsin ƙulle a bakin zane, a ce mata yau kuɗin bai kai ba. Ta koma gida ta faɗa, uwar ta ce ƙarya take, alewa ta saya da canjin. Kafin la'asar an doki yarinya a banza, ƙosai bai fita ba, sunan mai injin kuma ya zagaye unguwa.

Shi ya sa wanda ya san hannunsa a cikinmu ba ya ƙari ranar da ya yanke shawara. Ranar ma sai ya markaɗa a tsohon kuɗi, ya miƙa wa yarinyar bokitinta, ya ce, "Ki gaida Inna, ki ce mata daga ranar Asabar tiya ta koma tamanin, mai ne ya tashi. Yau da gobe yadda aka saba." Bai tsaya nan ba, don saƙon da aka ba yaro rabinsa a hanya yake zubewa. Bayan Magariba zai maimaita wa magidanta a ƙofar masallaci, tunda daga aljihunsu kuɗin cefane ke fita. Matarsa kuma ta kai maganar gidan suna. Kafin Asabar an ji ta baki uku, babu wadda za ta ce an shammace ta.

Akwai kuma waɗanda aike bai ishe su ba. Mai ƙosai, mai awara, mai kunun sayarwa, waɗanda kullum sai sun kawo tiya uku ko huɗu, su ne ke riƙe da injin. Waɗannan mai injin da kansa yake zuwa ya yi sallama a zaure, ya ce, "Gwaggo, na zo ne ki ji daga bakina kafin ki ji a waje." Yakan ba su mako guda, saboda kowacce ma tana da nata masu sayen da za ta lallaɓa, ko ta rage girman ƙosai ko ta daina gyara. In ka auka mata da ƙari da asuba, ga wake ya riga ya jiƙu, ribar ranar ka cinye mata, kuma ba za ta manta ba.

Dalilin ƙarin kuwa kowa ya san shi. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta wuce 600. Mu da ke sayen na kwalba wurin 'yan bumburutu, wanda aka ɗauko daga Funtua, namu ya fi haka. To amma inda ake rabuwa tsakanin mai gaskiya da mai neman dama shi ne lissafi. A ce lita ɗaya tana markaɗa tiya ashirin. Lokacin da lita take 200, man da tiya ɗaya ke sha na naira 10 ne, kana karɓar 50. Da ta koma 600, man tiya ya zama na naira 30. Abin da ya ƙaru a kanka naira 20 ce. Ka ɗora goma saboda bel da baƙin mai da haƙƙin yaron da ke tsaye kan injin, su ma duk sun tashi, ka ga tamanin ke nan. Wanda ya ce mai ya ninka uku don haka markaɗe ma ya koma 150, ai ya ninka har da ribarsa, kuma matan nan sun fi shi iya lissafi. Da kuɗin adashi suke kwana suke tashi.

Ni abin da na fi so a wurin masu injinmu na kirki, ba su cewa "komai ya yi tsada" su yi shiru. Wannan magana ba ta gamsar da kowa, don mai jin ta ma komai ya yi masa tsada. Cewa suke, jiya na sayi kwalba kaza, yau kaza, je ka bakin tasha ka tambaya. Dalilin da mutum zai iya zuwa ya gani da idonsa shi ne ke kashe gardama. Masu jingina komai ga dala kuwa, ana jinsu ne kawai.

Tamanin ɗin ma tana da tata matsalar, wato canji. Naira goma da ashirin sun yi wuya, in ba a yi hankali ba kullum ɗari za a kawo, ashirin ta maƙale, har a fara cewa da gangan yake yi. Wasu sai su ce tiya biyu 150, wanda ya kawo ɗaya a riƙe masa canjinsa a rubuce, gobe a cire. Ya rasa naira goma a kan tiya biyu, amma ya huta da zargi.

Sai bashi. Wadda aka yi wa markaɗe tiya goma bashi lokacin hamsin, ɗari biyar ake binta, ko da bayan ƙari ta kawo. A nan ba mu da saɓani. Wanda ya lissafa tsohon bashi da sabon farashi, har liman sai ya ji labarinsa.

Abin da ya fi ɓata ciniki shi ne ƙarin ɓoye. Mutum ya ji nauyin faɗa, sai ya bar kuɗi yadda yake, ya sassauta injin don ya yi sauri ya rage shan mai. Ƙullu ya fito da tsaki-tsaki, a shafa a yatsa a ji shi kamar yashi, ƙosai ya ƙi tashi ya sha mai, mai awara ta tace ta ga dusa ta fi madara yawa. Ba za ta aiko da faɗa ba. Gobe dai za ka hango 'yarta ta wuce ƙofarka da bokiti zuwa injin gaba, ko da can ɗari ake karɓa.

Mun kuma ga irin ƙarin da ake cewa na ɗan lokaci ne. A 2021, da gwamnatin Masari ta hana sayar da mai a jarka saboda 'yan bindiga, aka kuma rufe layukan waya a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi, mai injin da ba shi da mota ba shi da tanki sai da ya sha wuya kafin ya sami na aiki. Wanda ya ce a lokacin, "Ku yi haƙuri, in mai ya samu zan sauko," mutane sun riƙe maganar. Haka da lita ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ta ɗan sauko a 2025, an zuba ido a ga wa zai rage. Ko naira goma ka cire, ka sake aika yaran nan su faɗa a gida kamar yadda ka aika su ranar ƙari, ka kuma koma zauren Gwaggo mai ƙosai ka gaya mata da bakinka.